Sikelina ya ce 14, sikanin ya ce kitse a hanta: wanne zan gaskata?

Assalamu alaikum Likita. Shekarata 46, ina zaune a Agege, ina sana'ar albasa a Mil 12. Tsawona santimita 172, nauyina kilo 84, wandona lamba 36. Yarona ya sayo mini sikelin da ake haɗawa da waya, kullum a wajen da aka rubuta Visceral Fat yana nuna 14 da jan launi. Maiɗakina ta fi ni teɓa, amma nata 7 yake nunawa. Watan jiya na yi sikanin na ciki, aka ce akwai ɗan kitse a hantata. Bara kuma an yi mini siti-sikan saboda tsakuwar ƙoda, takardar ba ta ambaci kitse ba. Shin 14 ɗin nan shi ne abin da sikanin ya gani? Ko in koma a sake yi mini siti-sikan? Hankalina ya tashi.
Ɗan kasuwa, Agege

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a kasuwa.

Kafin ka karanta sauran bayanina, ina so ka yi wani ɗan gwaji da safe. Ka hau sikelin yadda ka saba, ka rubuta lambar. Sannan ka shiga wayar, ka buɗe sabon suna, ka sa tsawonka na gaskiya, amma a wajen shekaru ka rubuta 26. Ka sake hawa nan take. Jikin naka ne, cikin naka ne, ko ruwa ba ka kurɓa a tsakani ba, amma a mafi yawan irin waɗannan sikeli za ka ga lambar ta sauka. Ka sake buɗe wani suna ka ce kai mace ce, za ta ƙara sauka. In ka ga haka da idonka, ka riga ka fahimci rabin amsar: sikelin bai leƙa cikinka ba. Lissafi ya yi da bayanan da ka ba shi, ya fito da hasashe.

Ga yadda yake aiki. Ƙarafan nan masu sheƙi da kake ɗora ƙafa a kansu suna tura wutar lantarki 'yar kaɗan, wadda ba ka ko jin ta, ta shiga ta ƙafa ɗaya ta fita ta ɗayar. Ruwa da gishirin jiki suna barin wuta ta wuce cikin sauƙi, kuma tsoka cike take da ruwa. Kitse ba shi da ruwa sosai, don haka yana tare wuta. Abin da sikelin ya auna da gaske abu biyu ne kawai, nauyinka da yawan turjiyar da wutar ta gamu da ita. Duk sauran lambobin da ke cika fuskar wayar, na ƙashi, na tsoka, na shekarun jiki, na kitsen ciki, daga waɗannan biyun aka ciro su, bayan an haɗa da shekaru da tsawo da jinsi.

To, ita wuta ba ta yawo, gajeriyar hanya take bi. In ta hau ta ƙafar dama, sai ta tsallaka ta ƙasan mara ta sauka ta ƙafar hagu. Wajen cibiya da sama da ita, inda kitsen da ake magana yake, kusan ba ta taɓa shi. Ko a na'urorin da ake riƙe wasu ƙarafan da hannu, waɗanda wutarsu ke ratsa gangar jiki, matsalar ba ta kau gaba ɗaya ba, domin gangar jiki faffaɗa ce: tana ɗauke da kusan rabin nauyin mutum, amma abin da take bayarwa cikin turjiyar bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 ba. Hannuwa da ƙafafu, da yake sirara ne, su ke cinye awon. Kuma ko da wutar ta ratsa cikin, ba ta da hanyar bambance kitsen da ke ƙarƙashin fata da wanda ke tsakanin hanji.

Wannan bambancin shi ne gindin maganar, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a kan ragon layya ya san shi. In an feɗe rago, akwai kitsen da ke manne a ƙarƙashin fata. In an farke cikin, sai ka ga wani farin kitse kamar raga ya lulluɓe tumbi da hanji, da wani a jikin tantanin da ke riƙe da hanjin. Mutum ma haka yake. Na ƙarƙashin fata shi ne teɓar da kake iya damƙa da yatsu. Na biyun, wanda sikelin ke kira Visceral Fat, yana can bayan tsokar ciki, hannu ba ya kai masa, shi ne yake turo ciki gaba ya yi tauri kamar ganga. Likitoci sun fi damuwa da shi saboda jinin da ke fitowa daga cikinsa ba ya zagaya jiki tukuna, kai tsaye yake bin babbar jijiyar da ke ɗaukar jini daga hanji zuwa hanta. Duk maiƙon da ya saki, hanta ce ke fara karɓa. Shi ya sa yawansa ke tafiya tare da ciwon sukari, hawan jini, yawan maiƙo a jini da kitse a hanta.

Yanzu 14 ɗin. Ba kilo 14 ba ne, ba kuma kashi 14 cikin 100 ba ne. Mataki ne da kamfanin ya ƙirƙira, kuma kowane kamfani da nasa tsani. A na Tanita, lambar daga 1 zuwa 59 take, suna ɗaukar 1 zuwa 12 a matsayin lafiya, 13 zuwa sama ya yi yawa. A na Omron daga 1 zuwa 30 ne: 1 zuwa 9 daidai, 10 zuwa 14 ya yi yawa, 15 zuwa sama ya yi yawa ƙwarai. Ka ga mutum mai 11 lafiyayye ne a wajen Tanita, a wajen Omron kuma ya haye layi. Sikelin da ake sayarwa a kasuwa da sunaye barkatai kuwa, yawancinsu ba sa bayyana lissafin da suke amfani da shi, ba sa kuma faɗin da me suka gwada shi.

Amma lambar tana da asali, kuma asalin nata daga siti-sikan ne. Likitocin Japan sun tsayar da cewa in aka ɗauki hoton siti-sikan daidai cibiya, aka auna faɗin kitsen da ke cikin ciki ya kai murabba'in santimita 100, to haɗarin cututtukan nan ya ƙaru. Kamfanonin da na ambata duka na Japan ne, kuma an tsara lambar ne yadda mataki 10 zai zo kusa da wancan 100 ɗin. Yadda ake yi shi ne a tara mutane, a yi musu hoton ciki, a hau da su sikeli, sannan a nemo lissafin da ya fi kusantar da sakamakon biyu. Don haka in sikelinka irin wannan lissafin yake bi, ma'anar 14 ɗinka ita ce: cikin mutanen da aka gina lissafin a kansu, namiji mai irin shekarunka da tsawonka da nauyinka yakan samu kitsen ciki wajen murabba'in santimita 140. Wannan magana ce a kan matsakaicin wasu mutane. Kai kana iya zama sama da haka da nisa, kana iya zama ƙasa.

Akwai kuma dalilin da ya sa nake ƙara taka-tsantsan da lambar a jikin Bahaushe. Bincike da hoton ciki ya nuna cewa in ƙugu ɗaya ne da nauyi ɗaya, baƙar fata 'yan asalin Afirka galibi sun fi Turawa ƙarancin kitsen cikin ciki, mutanen Asiya kuma sun fi tara shi. Lissafin da aka ɗinka a jikin wasu ba lalle ya zauna maka daidai ba. Sai dai kar wannan ya zama abin kwantar da kai, domin ƙarancin wannan kitsen bai hana ciwon sukari da hawan jini yawaita a cikinmu ba.

Shi siti-sikan aikinsa daban ne, gani yake yi. Yana fitar da hoton jiki kamar an yanka shi gunduwa-gunduwa, kitse ya fito da duhunsa, tsoka da haskenta. Mai karanta hoton yana zaɓar gunduwa ɗaya, daidai cibiya ko tsakanin ƙashi na 4 da na 5 na ƙasan gadon baya, ya zagaye bangon tsokar ciki. Abin da ke waje da layin kitsen fata ne, abin da ke ciki shi ne wanda muke nema, kwamfuta ta ƙirga faɗinsa. Em-ar-ai, wato hoton da ake ɗauka da maganaɗisu, shi ma yana yin haka, ba tare da tururin haske mai ratsa jiki ba. Da waɗannan biyun ake auna gaskiyar duk wata hanya.

Shirun da takardarka ta bara ta yi ba shaida ce cewa babu kitse ba. An aika ka ne don tsakuwa, mai karatun ya nemi tsakuwa, ya rubuta abin da aka tambaye shi. Auna kitsen ciki ba ya cikin rahoton yau da kullum sai an nema. Amma hoton yana nan. In sun ba ka faifai ko fim, ka kai wa likitanka, da ido ma zai iya nuna maka kaurin kitsen da ke waje da bangon ciki da wanda ke tsakanin hanji. Wannan ya fi maka a kan sake shiga na'urar. Ban ba ka shawarar sabon siti-sikan don wannan kaɗai ba. Cikakken na ciki yana ɗora wa jiki tururin da ya kai kusan abin da mutum ke sha daga muhalli a shekara 2 zuwa 3, ga tsada, kuma duk lambar da ta fito ba za ta canja abin da za a ce ka yi ba.

Sikanin na watan jiya, wanda ake shafa maiƙo a ciki a goga, wani abu na uku ya gani. Kitsen hanta yana cikin ƙwayoyin hantar kanta, ba wanda ke kewaye da hanji ba ne. Hanta mai kitse tana fitowa da haske fiye da ƙodar da ke kusa da ita, da wannan ake gane ta. Ana kiran hanta mai kitse in kitsen ya haura kashi 5 cikin 100, amma sikanin ba ya cika kama shi da tabbaci sai ya fi haka sosai. Saboda haka in har an gani, a ɗauke shi da gaske. Wannan ne sakamakon da ya fi nauyi cikin duk abin da ka lissafa, domin shi an gan shi a jikinka. Kitsen hanta da na cikin ciki sukan zo tare, kamar yadda bayanin jijiyar nan ya nuna, don haka a wannan karon hasashen sikelin da hoton sun fuskanci alƙibla ɗaya. Amma sikelin bai san hantarka ba. Da hantar taka garau take, 14 ɗin dai zai nuna.

Abin da nake so ka saya bai kai kuɗin kwanon albasa ba: tef ɗin tela. Lambar wando ba ta aiki a nan, domin mai tumbi a ƙasan cikin yake ɗaura wando, inci 36 kuma santimita 91 ne a wajen da ba shi ake aunawa ba. Da safe kafin karin kumallo, ka tsaya a miƙe, ka cire riga. Ka laluba ƙashin haƙarƙarinka na ƙarshe a gefe, ka laluba saman ƙashin ƙugu, ka sa tef a tsakiyarsu, yawanci ɗan sama da cibiya. Tef ɗin ya zagaya a daidaice, ya taɓa fata ba tare da ya nutse ba. Ka saki numfashi yadda ka saba, kar ka shanye ciki, sannan ka karanta. Ka yi sau 2, in sun bambanta ka yi na uku.

Ƙa'ida mafi sauƙi ita ce zagayen ciki kar ya kai rabin tsawo. Rabin 172 shi ne 86. A ce tef ya ba ka 98. In ka raba 98 da 172 za ka samu 0.57. Daga 0.5 zuwa 0.59 haɗari ya ƙaru, daga 0.6 zuwa sama ya yi yawa, wanda a tsawonka yake farawa wajen santimita 103. Akwai kuma iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da ita: namiji daga 94 ya shiga haɗari, daga 102 ya yi nisa, mace kuma 80 da 88. Waɗannan ma a jikin Turawa aka fara tsayar da su, mu aro muke yi, shi ya sa na fi son lissafin rabin tsawo, wanda ke tafiya da girman kowa. Tef ma ba ya raba kitsen fata da na ciki, gaskiya ne. Amma cikin naka yake aunawa, kuma in aka gwada su da hoton ciki, sikelin ƙafa ba ya fin sa kusantar gaskiya.

Wannan ya kawo ni kan Hajiya, kuma ita ce na fi jin tsoron a manta da ita a wannan lissafi. Mace kafin al'ada ta ɗauke mata takan tara kitse a ƙarƙashin fata, a cinya da ƙugu da teɓa, don haka lissafin sikeli yana ba mata ƙananan lambobi tun daga tushe. Mai yiwuwa ne da gaske nata na fata ne, mai taushi da ake iya damƙa. Mai yiwuwa ne kuma ba haka ba, musamman in ta kusa ko ta wuce lokacin ɗaukewar al'ada, lokacin da kitsen mace ke komawa cikin ciki. Koren launin da ke kan 7 ɗinta ba takardar sallama ba ce. Ita ma ta auna da tef, a duba sukarinta da hawan jininta. Na fi damuwa da wanda sikeli ya ce masa lafiya lau ya koma ya kwanta, a kan wanda ya tsorata ya rubuto wasiƙa.

Kai kuma ka koma wa likitan da ya tura ka sikanin, da takardar a hannu. A auna hawan jini, 140 bisa 90 ko sama in ya maimaitu ba a barin sa. A duba sukari kafin ka ci komai da safe: a ma'aunin mg/dL, ƙasa da 100 daidai, 100 zuwa 125 gargaɗi, 126 zuwa sama in an sake gwadawa ya tabbata ciwon sukari ne. A duba maiƙon jini da aikin hanta. Kuma ka roƙa a yi maka gwajin ciwon hanta nau'in B da C in ba ka taɓa yi ba. Nau'in B ya yawaita a ƙasar nan, yakan zauna shekaru ba alama, kuma hantar da ke ɗauke da shi ga kitse a kai tana buƙatar kulawa ta daban. Ka faɗa wa likitan duk wani jiƙo ko maganin gargajiya da kake sha, domin hanta ce ke tace su.

Labari mai daɗi shi ne kitsen cikin ciki da na hanta suna saurin amsa kira, sau da yawa fiye da teɓar fata. Rage kashi 5 cikin 100 na nauyi yana rage kitsen hanta, a wajenka kilo 4 da ɗan ɗoriya ke nan, daga 84 zuwa 80. Kashi 7 zuwa 10, wato kilo 6 zuwa 8, shi ake nema in hantar ta fara kumburi. Wajen da zan ce ka fara shi ne abin sha. Lemon kwalba da maltina a zafin kasuwa, da shayi mai madarar gwangwani da sukari cokali 3 da burodin Agege da safe, sukarinsu hanta ce ke juya wani kasonsa zuwa kitse. Sai tafiya da sauri minti 30, kwana 5 a mako, irin wadda za ka iya magana amma numfashi ya ɗan hau. Tsayuwa a rumfa da zaman danfo a cunkoso suna gajiyar da mutum, amma ba sa cikin lissafin. Motsa jiki yana rage wannan kitsen ko da nauyin bai motsa sosai ba, kuma a nan ne sikelin zai iya yaudararka: tef ya ragu da santimita 3, lambar tana nan a 14 saboda kilo bai canja ba.

Ba sai ka jefar da sikelin ba, nauyi yana aunawa daidai. In kana son bin lambar, ka hau sau ɗaya a mako, rana ɗaya, da safe bayan ka yi fitsari, kafin ci da sha, a kan daɓe mai tauri. Bayan alwala ƙafa na da danshi, bayan yinin kasuwa ƙafa ta tara ruwa, a azumi jiki ya bushe, kaushi da faso kuma suna tare wuta, duk waɗannan suna taɓa awon. Hawa ko saukar mataki ɗaya tsakanin jiya da yau ba kitse ba ne. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji kada ya hau irin wannan sikeli sam, mai juna biyu kuma lambobinta ba su da ma'ana.

Abu ɗaya ne ba a jira da shi. In ciki ya riƙa girma cikin makonni alhali hannuwa da fuska suna ramewa, ko ƙafafu suka kumbura, ko ido ya yi rawaya, wannan yana iya zama ruwa ne ya taru a ciki, kuma sikeli ba zai nuna maka ba, yana iya ma nuna kitse ya ragu. A je asibiti a ranar. In babu ko ɗaya cikin waɗannan, ka rubuta awon tef na wannan makon da kwanan wata a bayan takardar sikanin ɗin, ka sake aunawa bayan wata 3, ka tafi wa likitanka da lambobin biyu.